Yadda na ƙiyasta kalorin shinkafa da miya daga hoto, da inda lissafin ya kwafsa

Tela ne ya fara tona min asiri kafin sallah, ya auna ni ya kalli tsohon awon da ke littafinsa ya ce Alhaji an samu ƙari fa. Daga nan na ce bari dai in san kalori nawa nake zubawa cikina, wato awon ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma abincin da na fi ci kusan kullum shinkafa da miya ce, da rana a wajen wata mai abinci kusa da shagonmu a Kantin Kwari, da daddare kuma a gida. Ba zan ɗauki sikeli in kai wajen mai abinci ba, ai sai a ce na zautu. Amma hoto kowa yana ɗauka. Sai na ce to in dai na san faɗin faranti, shi zai zama ma'aunina a cikin hoton.

A gida na fara gwadawa dan in samu abin da zan duba gaskiyar lissafin da shi. Na ari tef ɗin awo na auna farantin tangaran ɗin da nake ci a ciki, daga baki zuwa baki santimita 26. Uwargida tana kallona ta ce, "Malam, abincin ma yanzu sai an auna shi kamar shadda?" Na ce ki dai zuba kamar yadda kika saba, kar ki rage kar ki ƙara.

Ta zuba, na ɗaga waya saitin tsakiyar farantin na ɗauka daga sama. Na buɗe hoton na yi ta matsar da shi da yatsu har faɗin farantin ya zama santimita 13 a kan fuskar wayar idan na ɗora rular yara, kenan duk santimita ɗaya a hoto biyu ce a zahiri. Tulin shinkafar ba zagayayye ba ne, ya ɗan yi siffar ƙwai, tsawonsa 9 a hoto faɗinsa 7, wato 18 da 14. Filin da abu mai siffar ƙwai ya ci shi ne tsawo sau faɗi sau 0.8 kusan, 18 sau 14 ya ba ni 252, sau 0.8 ya tashi wajen 200.

Nan ne na fara ganin hoton sama shi kaɗai ba ya isa, dan ba ya nuna tudu. Shinkafar da aka baza da wadda aka tula kamar dalar gyaɗa, daga sama duk ɗaya suke. Sai na durƙusa na kawo wayar daidai bakin teburi na ɗauki na gefe, na sake daidaita faɗin farantin da rula, tudun ya fito santimita 5 daga bakin faranti zuwa ƙololuwa. Tunda tuli ne ba gwangwani ba, gefensa gangarowa yake, ba za ka ninka fili da tsayi kai tsaye ba sai ka raba biyu. 200 sau 5 dubu kenan, rabinsa mililita 500. Dafaffiyar shinkafa warara akwai iska a tsakanin ƙwayoyinta, mililita ɗaya ba ta cika giram ɗaya ba, ni 0.7 nake ɗauka, sai ya ba ni giram 350. Farar shinkafa dafaffiya kuma giram 100 tana da kalori wajen 130, to shinkafata 455. Nama yanka biyu na ce giram 60 ne, dafaffen naman sa giram 100 wajen 250, na rubuta 150. Miya kuwa na kalle ta na ce ai tumatir ne da tattasai da attaruhu da albasa, ruwa ne kawai, na ba ta 150 ina ganin ma na yi mata adalci. Jimla 755. Na ji daɗi wallahi, na ce ashe ba ni da laifi sosai.

Washegari na sayo ƙaramin sikelin kicin a kasuwar Sabon Gari, da daddare aka zuba min daidai irin na jiya, na sake hotunan lissafi ya sake ba ni kusan 350, sannan na ɗora a sikeli kafin a zuba miya, bayan na cire nauyin farantin. Giram 430. Tamanin sun ɓace min.

Na daɗe ina juya abin kafin in gano, ashe farantin yana da ɗan zurfi a tsaka, a hoton gefe bakin farantin ya kare gindin tulin, ni kuma daga bakin na fara awo. Na gitta rula a kan farantin ba komai a ciki na auna zuwa ƙasa, santimita ɗaya ce cif. Da na mayar da tsayin 6 lissafi ya koma mililita 600, giram 420, saura goma tsakaninsa da sikeli. Kun ga santimita ɗaya tak a tudu ta ɗauke giram 70, kalori wajen 90, abin da ido ba zai taɓa lura da shi ba. Akwai kuma dannawa, idan mai zubawa ta danne shinkafar da bayan ludayi ko shinkafar ta ɗan caɓe, iskar ta fita, 0.7 ɗin nan ya yi kaɗan sai ka matsa wajen 0.8. Ana gane wannan a hoto, idan ƙwayoyin a tsaitsaye suke ɗaiɗai warara ce, idan saman ya yi sumul da shatin ludayi an danna.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne a kan abin da miya ta yi min. Ran Asabar na zauna a kicin lokacin da ake haɗa miyar, abin da rabona da yi har na manta. Na ce wa uwargida kafin ki zuba mai bari in auna. Ta tsiyayo man gyaɗa yadda ta saba da ido a kofi, na ƙirga da cokalin cin abinci, cokali 16, wajen mililita 240. Cokali ɗaya na mai kalori 120 ne kusan, ko man gyaɗa ko manja duk tafiyar ɗaya ce, tunda giram ɗaya na mai kalori 9 ne. Tukunyar nan kenan tana ɗauke da kalori wajen 1,900 na mai zalla, tun ba a yi maganar nama ba. Da miyar ta nuna muka ƙirga, ludayi 12 ta bayar, kowane ludayi 160 kenan, ni kuma biyu ake zuba min. 320 na mai, kayan miyan kansu in an yi yawa 50. Miyar da na ba 150 ashe ta kai 370. Da na haɗa da shinkafa ta gaskiya 560 da nama 150, farantin ya tashi 1,080, ba 755 ba. Na gaya wa uwargida, ta ce, "To ai kai ne kake cewa miyar da ba ta soyu ba ɗanyen tumatir take." Kuma gaskiyarta ce, ni na faɗa.

Abin da ya sa hoto ba ya kama man shi ne da zarar an zuba miya a kan shinkafa mai zafi man yake tsiyayewa ƙasa, shinkafar ta shanye, abin da ya rage a sama sai markaɗen kayan miya. Za ka iya auna faɗin jan da ke sama da rula amma abin da ka auna shi ne ɓangaren da ba shi da nauyi a lissafin. Kuma ko a tukunya ɗaya ludayi ba ɗaya ba ne, wanda aka ɗebo daga sama inda man yake iyo ya fi wanda aka juya aka ɗebo daga ƙasa nesa ba kusa ba. Alamar da na koma dubawa ita ce gefen tulin, idan akwai jan zobe na mai ya kewaye shinkafar a kan farantin, ko ƙwayoyin ƙasa sun rine sun zama ruwan lemo suna sheƙi, to miyar mai nauyi ce, ina ba ludayi 180 zuwa 200. Idan gefen a bushe yake, miyar ta tsaya inda aka zuba ta, ina ba shi 100 zuwa 120. Filashin waya kuma a kashe shi, komai sai ya sa shi ƙyalli ka kasa bambance mai da ruwa.

Da na koma wajen mai abincinmu ta kasuwa sai na sake tafka wani kuskuren, wannan ma ya fi ban dariya. Na ɗauka farantinta irin na gida ne na sa 26, lissafi ya ce min wai shinkafar ta haura rabin kilo, na ce kai, da haka take zubawa da tuni ta karye. Ashe farantin roba ne irin na Ƙofar Wambai, santimita 22. Ratar santimita huɗu ce kawai amma fili ninki biyu yake ɗaukar kuskuren, tsawo da faɗi, 26 a kan 22 idan ka ninka shi da kansa ƙarin kashi 40 cikin ɗari ne, idan kuma tudun ma da wannan awon ka fitar da shi ya koma wajen kashi 65. Tun daga ranar idan ban san faranti ba sai in ajiye katin banki a kife a gefensa, tsawonsa santimita 8.6 ne kusan kuma duk katunan girmansu ɗaya, da shi nake fitar da faɗin farantin tukunna. Wayar ma ina ɗaga ta sama sosai, dan idan ta matso kusa saman tulin ya fi gindin faranti kusa da kyamara sai ya fito ya fi girmansa. Idan faranti ya fito a hoto kamar ƙwai maimakon zagaye, hannunka ya karkace, sake ɗauka kawai ya fi sauƙi.

Yanzu shinkafa ina kama ta da hoto biyu, idan na gwada da sikeli a gida ratar ba ta cika wuce giram talatin zuwa arba'in ba. Miya kuwa na daina auna ta da rula, ludayi nake ƙirgawa lokacin da ake zubawa, shi ya sa a kasuwa ba na aika yaro, da kaina nake zuwa in tsaya. Jiya na ce mata, "Hajiya, ludayi ɗaya, kuma a juya a ɗebo min ta ƙasa." Ta kalle ni ta ce, "Alhaji lafiya? Kowa man yake roƙo." Ta juya ta ɗebo ta ƙasan, ina miƙa hannu zan karɓa ta ƙara min ɗan mai a gefe wai kar abincin ya shaƙe ni.