Daƙiƙa goma na farko

Jumma'ar nan na ajiye na'urar kunne bayan shekara 3 ina amsa kiran abokan hulɗa a wani kamfani, kuma kira ɗaya ne har yau bai bar raina ba.

A wurinmu daƙiƙa 10 aka ware wa buɗe magana, kuma abu huɗu ake so a ji: gaisuwa, sunan kamfani, sunanki, sai tambaya. "Barka da rana, kin samu kamfani kaza, wance ke magana, da me zan taimaka miki?" Shugabar rukuninmu tana sauraron kiran da aka naɗa, ko kalma ɗaya ta faɗi sai ta zabtare maki. Ta taɓa rage mini don na ba wani dattijo haƙuri kan jiran da ya yi kafin in ambaci sunan kamfani. Daga ranar na koma rero gaisuwar kamar hadda.

Ran nan kira ya shigo, na fara da muryata ta fara'a. Ban kai tsakiya ba na ji matar ta soma magana ƙasa-ƙasa, muryarta na rawa. Na ji ta sarai, amma na bi ta kan maganarta don in ƙarasa layina. Ta ce, "'Yar nan, mijina ne ya rasu, layinsa nake so a rufe." Kafin in haɗa kalmar ta'aziyya ta kashe wayar. Wannan buɗewar ce aka ba ni cikakken maki a kanta, kuma shugabar ba ta ga abin gyara ba ko da na kai mata maganar.

Tun daga nan, in mai kira ya riga ni buɗe baki sai in yi shiru. Idan ya dire, in amsa abin da ya faɗa tukuna, sannan in saka sunana. Na rasa maki a kan haka ba sau ɗaya ba, amma masu kirana ba sa maimaita bayani, don haka kirana bai fi na kowa tsawo ba.

Ga abokan aikin da na bari: in ƙarar shigowar kira ta buga a kunne, ku ɗan ja numfashi kafin ku yi magana, in ba haka ba farkon kalmar yakan yanke, mutum ya ji "ka da rana". Ku sassauta a kan gaisuwa da sunanku. Sunan kamfani, mai kira ya riga ya ji shi tun yana jira. Kada ku tambayi wanda ya daɗe a layi yadda yake, domin amsar za ta cinye lokacinku. "Na gode da haƙurin jira" ta fi gajarta, ta kuma fi sanyaya rai. Wajen kira na 60 a yini murya takan bushe, ku kurɓi ruwa ku gyara zama, ana jin bambancin a waya.