Jimla ɗaya da na ƙi taƙaitawa

Yau na fassara taƙaitaccen bayanin wani bincike kan barci da ciwon sukari, kuma jimla ɗaya ta fi cin mini lokaci. Masu binciken sun bi rayuwar mutane ne kawai, ba su yi gwajin da zai tabbatar da sanadi ba. Shi ya sa suka yi amfani da kalmomin taka-tsantsan na Turanci: may, suggests da appears.

Abokin aikina ya so mu rubuta: "Ƙarancin barci yana jawo ciwon sukari." Na ce masa, Malam, ai binciken bai faɗi haka ba. Alaƙa suka gani, kuma mai yiwuwa ƙiba ko aikin dare ne ke haddasa duka biyun.

Na rubuta: "Sakamakon yana nuni da cewa ƙarancin barci na iya ƙara haɗarin kamuwa da ciwon sukari, kuma da alama hakan ya fi ƙarfi ga masu ƙiba." Ban jibga "wataƙila" a ko'ina ba, don shakkar da ta wuce ta marubuta ma sauya magana ce. Daga nan na ƙirga wuraren taka-tsantsan na asali, uku ne, na tabbatar nawa ma uku ne, kowanne a kan iƙirarin da ya dace.