Yadda na sa wa wani dogon saƙo aya

An ba ni wani saƙo in gyara kafin a tura shi wurin aiki. Kalmominsa sun kai 300, amma aya biyu ce kawai a ciki, sai waƙafi da aka watsa nan da can. Na ajiye kwafin asalin a gefe, domin wanda ya fara yanka jimloli yakan manta yadda maganar take tun farko. Ga wani yanki daga ciki:

"na aika takardun jiya an ce ba su isa ba, shugaban bai zo ba, mataimakinsa ne ya karɓe ni idan ka samu lokaci ka kira ni gobe zan koma ofishin"

Da farko na karanta shi da ƙarfi, ina sa alama duk inda na ja numfashi. Wannan ya taimaka, amma bai isa ba, don numfashi ba ya bambance waƙafi da aya. Abin da ya yi mini aiki sosai shi ne bin lamirin suna, wato ƙananan kalmomin nan da ke zuwa kafin aikatau: na, an, bai, ya, zan. Kusan duk inda ɗaya ta fito, sabuwar ganga ce ta fara, wato yankin jimla mai nasa aikatau. Sai na sa kowace ganga a layinta, na tambayi kaina ko za a iya faɗinta ita kaɗai mai sauraro ya gamsu.

"Shugaban bai zo ba" ta tsaya da ƙafarta. "Mataimakinsa ne ya karɓe ni" ma haka. To, waƙafi shi kaɗai ba ya iya riƙe cikakkun jimloli biyu da kowace ke da nata batun, kuma wannan ne kuskuren da ya cika saƙon. Ana iya raba su da aya, ko a sa waƙafi mai ruwa, wato waƙafi mai ɗigo a samansa, idan maganganun manne suke da juna, ko a kawo mahaɗi kamar amma ko saboda. Ni na fi son aya a saƙon da za a karanta a waya, don waƙafi mai ruwa da ƙyar ake ganinsa. A nan dai mahaɗi na zaɓa, saboda jimla ta biyu tana cike giɓin ta farko: "Shugaban bai zo ba, amma mataimakinsa ya karɓe ni." Ka lura, da na sa "amma" sai na cire "ne", don jimlar ta fi sauƙi a baki ba tare da ita ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kan kalmomi biyu, jiya da gobe. Kowace tana zaune a kan iyaka, kuma tana iya bin jimlar baya ko ta gaba. "Na aika takardun jiya. An ce ba su isa ba" daban take da "Na aika takardun. Jiya an ce ba su isa ba." A ta farko jiya aka yi aiken, a ta biyu jiya aka samu labarin. Ta gobe ta fi haɗari: "Ka kira ni gobe. Zan koma ofishin" na nufin a jira wayewar gari, alhali "Ka kira ni. Gobe zan koma ofishin" na nufin a kira yau, kafin ya tafi. Nahawu ba ya raba wannan gardama, duka biyun daidai ne. Na tambayi mai saƙon, ya ce kiran yau yake so. Da na yi hasashe, da na sauya masa magana da ɗigo ɗaya.

Na kuma yi nawa kuskuren a zagayen farko. Hannuna ya saba da aya, har na sa ta bayan "idan ka samu lokaci", sai gangar ta rataye ba abin da ta jingina da shi. Gangar da ta fara da "idan", "ko da yake", "wanda", ko "da" mai nufin "lokacin da", dogarau ce, waƙafi take so sannan babbar jimla ta biyo. Haka jerin labari irin "suka karɓa, suka duba, suka mayar": mai aikin ɗaya ne, ayyukan na bin juna, don haka na bar musu waƙafinsu.

Ga yadda yankin ya koma:

"Na aika takardun jiya. An ce ba su isa ba. Shugaban bai zo ba, amma mataimakinsa ya karɓe ni. Idan ka samu lokaci, ka kira ni. Gobe zan koma ofishin."

Daga nan na bi bayan kowace aya na mai da harafin farko babba, har da masu lanƙwasa, Ɓ da Ɗ da Ƙ, waɗanda ake yawan tsallakewa. Karatun ƙarshe daga ƙasa na fara shi zuwa sama, jimla bayan jimla, don ta haka guntuwar da ba ta cika ba take fitowa fili. Na kama biyu, duka sun fara da saboda, na mayar da su jikin jimlolin da suka gabace su.