Lacca ta awa biyu ta koma awa ɗaya, kuma muryar malam tana nan yadda take

'Yan uwa, jiya da dare abin ya yi kyau. Laccar da na ɗauka da waya a nan Gusau, mai tsawon awa biyu cif, na saurare ta cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, ban koma baya don neman kalma ba. Murna ta hana ni barci da wuri.

Maganar siririyar murya mun wuce ta. Kowa ya san in aka tura sautin da gudu kawai, kaifinsa ma tashi yake yi, shi ya sa muke amfani da `Change Tempo` a manhajar gyaran sauti ta Audacity ko `atempo` a manhajar ffmpeg, masu ƙara gudu ba tare da kaifin ya tashi ba. Abin da ya addabe ni daban ne. Da na sa `atempo=2`, wato gudu ninki biyu, muryar ba ta sirance ba, amma ta koma tana rawa, tana gargada, ƙananan gaɓoɓi suna ɓacewa. Malam zai ce "daga nan", sai ka ji wani abu mai kama da "dan". Bayan minti goma kaina ya fara sarawa.

Dalilin yana cikin yadda ake rage tsawon. Manhajar tana yanka sautin gutsi-gutsi, kowane guntu bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, ta tsallake wani sashe, sannan ta haɗa bakin wannan da na gaba. Kafin ta haɗa sai ta ɗan matsa gaba ko baya tana neman inda igiyar sautin ta yi kama da ta baya, kamar tela mai haɗa atamfa yana neman inda zanen zai dace. Tana bin abin da ya fi ƙarfi a cikin sautin ne. To a ɗaukar tawa, ina zaune can baya kusa da tagar da janareta yake, ga fanka bisa kaina. Gurnanin nan na ƙasa ya fi muryar malam ƙarfi, don haka da shi manhajar take daidaita haɗin, muryar kuma ta karye a kowace mahaɗa. Wutar lantarkinmu, wadda gurnanin ke bi, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, muryar namiji kuma wajen sau 120, haɗin da ya dace da ɗaya ba lalle ya dace da ɗayan ba.

Maganin shi ne a tace gurnanin kafin a ƙara gudu. In aka tace bayan an ƙara, aikin gama ya gama, karyewar ta riga ta shiga cikin muryar. Ga abin da na rubuta a Termux, manhajar rubuta umarni a waya:

```
ffmpeg -i lacca.m4a -af "highpass=f=100,silenceremove=stop_periods=-1:stop_duration=0.7:stop_threshold=-35dB:stop_silence=0.3,atempo=1.6" fita.mp3
```

Na farkon, `highpass`, yana danne sautin da ke kaɗawa ƙasa da sau 100 a daƙiƙa. Muryar takan ɗan rage kauri, amma kalmomi suna fita tas. Na tsakiya, `silenceremove` mai cire shiru, shi ya fi faranta min rai. Malaminmu yakan juya ga allo ya yi ta rubutu shiru, kuma wannan shirun duk lokaci ne da za a iya cirewa ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Ya cire kusan minti 20, saura 100. Raba 100 da 1.6, ka samu minti 62 da rabi. Kusan daidai da abin da ninki biyu zai ba ni, alhali maganar ba ta matsu sosai ba. A ganina, ga Hausa da ma'anarta ke rataye da tsawon wasali, gara a ci daga shirun malam a bar gaɓoɓinsa su sha iska.

Wurin da za ku sha wuya shi ne `-35dB`, ma'aunin ƙarfin sautin da duk abin da bai kai shi ba ake ɗaukarsa shiru. In hayaniyar ajinku ta fi wannan ƙarfi, manhajar ba za ta ga shiru ko ɗaya ba. Alamarsa mai sauƙi ce: fayil na awa biyu zai fito minti 75 daidai, wato gudu kawai aka ƙara. Sai ku matsa zuwa `-30dB`. In kuka wuce gona da iri kuma, jimlar da malam ya faɗa ƙasa-ƙasa za ta tafi tare da shirun. Ku gwada a kan minti biyar na farko ta hanyar sa `-t 300` kafin `-i`. Sarrafa fayil ɗin gaba ɗaya ya sa wayata ta yi zafi, cajin da na biya aka yi min a shago ya zube kafin la'asar, abin ya ƙona min rai.

Amsa-kuwwar babban ɗakin laccarmu ce har yanzu ta gagare ni. Tacewa ba ta taɓa ta, domin muryar malam ce da kanta take dawowa daga bango, kuma a kan 1.6 kalma tana hawa kan wutsiyar ta baya. Laccar Talata da aka yi a can dole na sauke ta zuwa 1.3. Na roƙi mai zama a layin gaba ta riƙa ajiye min wayar a kan teburinta, mako mai zuwa zan gwada sabuwar ɗaukar a kan 1.6.