Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Milimita Biyar

A kashin makon jiya na tsaya da labari a daren da ciwo ya turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana harbawa har kafaɗa. Da gari ya waye ciwon ya lafa, na karya kumallo, na tafi aka yi mini hoton ciki. Takardar da aka miƙo mini ta ce akwai tsakuwoyi a matsarmamata, kuma bangonta ya yi kauri, milimita 5. Wannan lambar ta hana ni barci kwana biyu, domin an gaya mini kaurin bangon mai lafiya ba ya wuce milimita 3.

Likitan tiyata ya karanta takardar, ya ajiye ta, ya dube ni.

"Hajiya, kin ci abinci kafin a ɗauki hoton nan?"

Na ce na ci, ranka ya daɗe. Sai ya ɗauki biro ya zana mini wata 'yar jaka a ƙarƙashin hanta. Ya ce aikinta tara ruwan ɗaci. Da zarar mutum ya ci abinci, musamman mai maiƙo, sai ta matse ta tura ruwan cikin hanji, kuma jakar da ta tsuke dole bangonta ya bayyana da kauri ko da lafiyarta ƙalau. Shi ya sa ake so mutum ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci komai ba kafin hoton. Har yau ina jin zafin cewa babu wanda ya faɗa mini haka a inda aka ɗauka.

Ya ƙara da cewa ko da ban ci komai ba, kaurin bango shi kaɗai ba ya sa ya ɗauki wuƙa. Ciwon hanta yana kawo shi, haka gazawar zuciya ko ta ƙoda, duk sukan sa ruwa ya taru a bangon alhali matsarmamar ba ta da laifi. Cire ta ga irin wannan mutumin ƙara masa wahala ne kawai.

Aka sake hoton ban ci komai ba. Bango ya dawo milimita 2. Tsakuwoyin dai suna nan, mai ɗaukar hoton ta nuna mini su a allo: fararen ɗigo, kowanne da baƙar inuwa a bayansa. Ta ce in juya gefen hagu, na ga sun gangara. Ta ce da haka ake bambanta tsakuwa da tsiron da ke manne a bango, shi ba ya motsi, ba ya yin inuwa. Tun da tsakuwoyin sun fara ba ni ciwo, likita ya ba da shawarar a sa ranar tiyata cikin natsuwa. Tsoro ya sa na yi ta ɗagawa.

Bayan wata huɗu ciwon ya dawo, wannan karon bai lafa ba. Ya kwana ya wuni, ga zazzaɓi ga amai. Da na koma aka danna na'urar ɗaukar hoton daidai kan matsarmamar aka ce in ja numfashi, numfashin ya katse mini don azaba. Takardar ta ce bango milimita 6, jakar ta kumbura, akwai ruwa kewaye da ita, kuma tsakuwa ɗaya ta maƙale a wuyanta, ko na juya ba ta motsawa. Gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun hau.

Likitan ya jera takardar farko da wannan a tebur. Tsakanin 5 da 6 milimita ɗaya ne kacal, amma ya ce wannan kumburi ne na gaske, domin hoton da jikina da jinina duk bakinsu ɗaya. Sannan ya sa yatsa a kan wani layi da ban taɓa kula da shi ba, faɗin babbar hanyar da ruwan ɗaci ke bi zuwa hanji. Nawa milimita 5 ne, idona kuma bai nuna alamar ciwon shawara ba. Da ya wuce 6, ya ce sai an fara bincika ko wata tsakuwa ta sulale ciki.

Ya ce gara a yi aikin cikin kwanakin farko, kafin kumburin ya manne da abin da ke kewaye, in ba haka ba a jira kamar mako shida. Zai shiga ta ƙananan huji da kyamara, amma bango mai kauri yana da wuyar kamawa, yana kuma ɓoye hanyoyin da dole ya gani sarai kafin ya yanke. Idan bai gani ba, zai buɗe cikin.

Maigidana ya dubi takardar amincewa, ya dube ni. Na karɓi biron hannuna yana rawa. Abin da ya faru a ɗakin tiyata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.