Talata: makin ɗalibai 15 da zanen akwati

Da yamma na gama duba takardun jarrabawar lissafi ta ƙaramin aji, ɗalibai 15, maki bisa 100. Ga su a jere daga ƙasa zuwa sama: 15, 35, 42, 44, 48, 50, 51, 53, 55, 58, 62, 68, 71, 75, 92.

Na fara zana akwatin, wato zanen da ke nuna yadda makin suka bazu, da hannu kafin in taɓa kwamfuta. Makin tsakiya shi ne na takwas, wato 53. Na ɗauki takwas na ƙasa har da 53 ɗin, tsakiyarsu ta faɗa tsakanin 44 da 48, sai Q1, gefen akwatin na ƙasa, ya zama 46. Haka a sama, tsakanin 62 da 68, Q3, gefen akwatin na sama, ya zama 65. Tsawon akwatin ke nan maki 19, shi ne IQR, tazarar da rabin ajin na tsakiya ya cinye.

Daga nan sai shinge. Bisa ƙa'idar John Tukey, ana ninka IQR sau 1.5, a nan 28.5, a cire daga Q1, a kuma ƙara a kan Q3. Shingen ƙasa 17.5, na sama 93.5. Mai 15 ya faɗa waje, ya zama saniyar ware, sai a sa masa ɗigo shi kaɗai. Mai 92 da ƙyar ya sha. A kula, jelar akwati, wato layin da ke fita daga kowane gefensa, ba a kan shinge take tsayawa ba, tana tsayawa ne a kan maki na ƙarshe da ke cikin shingen: 35 a ƙasa, 92 a sama.

Da ido zanen ya karkata sama. Daga 46 zuwa layin tsakiya maki 7 ne, daga layin zuwa 65 maki 12. Jelar ƙasa 11, ta sama 27. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar ɓangare mai faɗi a matsayin inda ɗalibai suka fi yawa. Na ƙirga: 48, 50, 51 a ɓangaren ƙasa, 55, 58, 62 a na sama, uku-uku. Faɗin yana nuna sun warwatsu ne kawai, na ƙasa kuma sun cunkushe. Doguwar jelar saman ma yawancinta aikin mutum ɗaya ne, domin tsakanin 75 da 92 babu kowa.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne Excel. `QUARTILE.INC` ya ba da 46 da 65, daidai da na hannu. `QUARTILE.EXC` kuwa ya ba da 44 da 68, saboda yana ɗaukar maki na huɗu da na goma sha biyu kai tsaye. IQR ya koma 24, shingen ƙasa ya sauka zuwa 8, na sama ya haura zuwa 104, abin da babu ɗalibin da zai iya kaiwa. Nan take mai 15 ya dawo cikin garke. Jelar ƙasa ta miƙe daga 44 har 15, tsawon 29, ta zarce ta sama mai 24. Makin bai canja ba ko ɗaya, amma wanda ya kalli jeloli kawai zai ce yanzu zanen ya ɗan karkata ƙasa. Babu hanyar da ta yi ƙarya a cikinsu. Idan ɗalibai ɗari ne, bambancin ba zai taka kara ya karya ba, amma a mutum 15 kowane rubu'i bai kai ɗalibai huɗu ba, matsar da iyaka rabin gurbi ya isa ya sauya hoton. Shi ya sa na rubuta sunan hanyar a ƙarƙashin zanen, kuma na fi yarda da abin da cikin akwatin ya nuna, tunda a hanyoyin biyu ɓangaren sama ya fi faɗi: 12 da 7, sannan 15 da 9.

Na kuma ɗora ainihin makin a kan akwatin a manhajar R:

```r
maki <- c(15, 35, 42, 44, 48, 50, 51, 53, 55, 58, 62, 68, 71, 75, 92)
boxplot(maki, horizontal = TRUE)
stripchart(maki, add = TRUE, pch = 19)
```

Gibin da ke tsakanin 15 da 35, da wanda ke tsakanin 75 da 92, sun fito ƙarara.

Saura batun 15 ɗin. Ɗigo a wajen shinge alama ce ta a koma a duba, ba izinin gogewa ba. Zai iya zama 51 aka juya wajen shigarwa, ko an manta da haɗa wani shafi. Da za a cire shi, matsakaicin maki zai tashi daga 54.6 zuwa kusan 57.4, makin tsakiya kuwa daga 53 zuwa 54 kawai. Na zaro takardar na sake haɗawa: tambaya biyu ya amsa cikin biyar, 15 ɗin halaliyarsa ce. Na bar ta a lissafi, na rubuta dalilin a gefen rajista.