Idan kotu ta sa hannu a albashinka a Amurka, daga ina ake cire kwata?

Ƙannena da kuke shirin tafiya aiki Amurka, ko kuna can, ku san wannan lissafin kafin bashin katin banki ko na asibiti ya kai ku gaban alƙali. Ni sai da aka fara yankar albashina na koye shi.

Dokar tarayya ta 1968 ta ce a bashi na yau da kullum ba za a cire wa ma'aikaci fiye da kashi 25 cikin 100 ba, kuma dole a bar masa aƙalla ninki 30 na mafi ƙarancin ladan awa a kowane mako. Ladan awar dala 7.25 ne, wato dala 217.50 ba mai taɓa ta. Ana lissafa kashi 25 ɗin da kuma abin da ya haura 217.50, a cire wanda ya fi ƙanƙanta.

Inda na yi tuntuɓe shi ne kuɗin da ake cire kwatar daga cikinsa. Na ɗauka abin da ke shiga asusuna ne. Ashe doka ba ta san wannan ba. Abin da take dubawa shi ne ragowar albashi bayan cire abin da ya zama tilas, kamar haraji da kason fansho na gwamnati. Inshorar lafiya da ajiyar da kai ka zaɓa a riƙa cire maka, duk ana ƙirga su tamkar suna aljihunka.

A ce albashinka dala 800 ne a mako, haraji da sauran na tilas sun ci 160, saura 640. Inshora da ajiya sun ɗauki 110, kana karɓar 530. Kai za ka yi zaton kwatar 530 za a cire, wato 132.50. Mai biyan albashi kuwa kwatar 640 zai cire, dala 160 cif. Abin da zai iso hannunka 370 ne, a ciki za ka biya haya, ka ci abinci, ka aika gida. Ni da lissafin farko na yi wa mai gidan haya alkawari, wata bai ƙare ba na ji kunya.

Wanda ragowarsa ba ta kai 290 ba, abin da ya haura 217.50 kaɗai ake ɗauka: mai 250, dala 32.50 ce. Kuɗin ciyar da 'ya'ya kuwa hukuncinsa daban, yana kaiwa kashi 50 ko 60, har da ƙarin 5 idan bashin ya daɗe. Wasu jihohi, irin su Texas, ba sa yarda a taɓa albashi kan bashin katin banki, saboda haka ku bincika dokar jiharku.

Sammacin farko da ya zo mini, a aljihun mota na cusa shi. Rashin zuwana ya sa aka yanke hukunci a bayan idona, na rasa damar neman a tsara mini biya kaɗan-kaɗan. Takardar kotu tana ɗauke da wa'adin amsawa. Ranar da ta zo, ku duba shi, ku nemi ofishin taimakon shari'a na kyauta da ke garinku da takardar albashinku a hannu.